Babi na Biyar: Awa Ashirin da Huɗu na Farko a Hannun 'Yan Sanda

Yawancin shari'un laifi da ake yi a kotunan Najeriya, tun a ofishin 'yan sanda ake cin su ko a faɗi, kafin alƙali ya ga fuskar wanda ake tuhuma. Abin da mutum ya faɗa a daren farko, da takardar da ya sa wa hannu, da wanda ya zo ya tsaya masa, su ne suke bin sa har ranar yanke hukunci. Saboda haka ne doka ta zuba kariya mai yawa a kan wannan ɗan lokaci, daga sa'ar da aka ce wa mutum "an kama ka" zuwa sa'ar da ya kamata a sake shi ko a kai shi gaban kotu.

Dokoki uku za mu riƙa komawa gare su. Ta farko ita ce Kundin Tsarin Mulkin 1999, musamman sashe na 35. Ta biyu Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta hau kan kowane ɗan sanda a duk faɗin ƙasar. Ta uku Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda take aiki a Abuja da kotunan tarayya, jihohi kuma suka yi tasu a kan tsarinta, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019. Lambobin sassan da za a gani a nan na dokar tarayya ne. A dokokin jihohi lambar kan sauya, amma ginshiƙan haƙƙoƙin suna nan.

Domin magana ta zauna, mu ɗauki misalin wani matashi mai rumfar gyaran waya a Kano. Wani ya kawo masa waya ta hannu, suka yi ciniki, ya biya, bayan kwana biyu ya sayar wa wani. Ashe wayar ta sata ce. Mai ita ya kai ƙara, aka bi diddiginta har hannun wanda ya saya, shi kuma ya nuna rumfar. Ranar Juma'a bayan la'asar 'yan sanda biyu suka iso.

A bakin rumfa: me na yi?

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ɗan sanda yana da ikon kama mutum ko ba takardar izinin kamu daga kotu, muddin yana da dalili mai kama hankali na zargin cewa mutumin ya aikata laifi. Don haka mai gyaran wayar ba zai ce ba zai bi su ba sai sun nuna masa takarda. Gardama da kokawa da gudu laifi ne na daban, wanda zai iya kai mutum gidan yari ko da daga baya an wanke shi daga zargin farko.

Abin da yake da iko a kai shi ne ya tambaya, a kuma ba shi amsa. Sashe na 6 na dokar 2015 ya wajabta wa mai kamu ya faɗa wa wanda ya kama dalilin kamun nan take. Ba a ɗauke masa wannan nauyi ba sai a hali uku: idan an riski mutum yana cikin aikata laifin, ko ana bin sa da gudu bayan ya aikata, ko ya tsere daga inda ake tsare da shi. A waɗannan halaye ya riga ya san dalili. Mai rumfar nan kuwa yana zaune ne a kan aikinsa, don haka "in ka je ofis ka ji" ba amsa ce da doka ta yarda da ita ba. Kundin Tsarin Mulki ya ƙara da cewa cikin awa 24 a ba shi dalilin a rubuce, cikin harshen da yake ji.

Amfanin sanin dalili a bayyane yake. Wanda aka ce masa ana zargin sa da karɓar kayan sata, a kan waya kaza da ya saya ranar kaza, zai iya tuna cewa akwai littafin da yake rubuta sunan duk wanda ya sayar masa da waya, da maƙwabcin rumfa da aka yi cinikin a gabansa. Wanda ba a faɗa masa komai ba, sai ya yi ta surutu yana laluben abin da ake nema, har ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba.

Ankwa ma tana da ƙa'ida. Ba a sa wa mutum ita sai idan ana tsoron zai yi faɗa ko zai gudu, ko don kare lafiyarsa, ko da umarnin kotu. Idan za a caje jikin mace, mace ce za ta caje ta. Duk abin da aka karɓa daga hannun mutum, kuɗi ko waya ko makulli, sai an rubuta shi ɗaya bayan ɗaya, ɗan sandan da mai kayan su sa hannu, a ba shi kwafi. Ga mai gyaran waya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan aka kwashe wayoyin mutane goma sha daga rumfarsa ba tare da lissafi ba, shi masu su za su biyo.

Kamu iri biyu da doka ta haramta

Mu ce da 'yan sandan suka zo ba su tarar da shi ba, sai ƙanensa da ke tsaron rumfa. Aka tafi da yaron, aka bar sallahu cewa ba za a sake shi ba sai yayansa ya kawo kansa. Wannan abu ya daɗe ana yi har wasu sun ɗauka haka tsarin yake. Sashe na 7 na dokar 2015 ya hana shi ƙarara, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta maimaita hanin. Ba a kama mata a madadin miji, ko uba a madadin ɗa, ko yaron shago a madadin ubangidansa. Laifi na wanda ya yi shi ne.

Na biyu shi ne kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Wanda ya karɓi kaya bai cika kuɗi ba, da ɗan haya da ya kasa biya, da telan da bai gama ɗinkin salla ba, duk maganarsu ta kotun da ke sauraren ƙararrakin haƙƙi ce. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne, kuma kotuna sun sha nanata haka. Sai dai akwai inda iyakar take da siriri. Idan tun farko mutum ya karɓi dukiyar da ƙarya, ko an ba shi amana ya karkatar da ita, to an shiga zamba ko cin amana, waɗannan kuwa laifuka ne. Shi ya sa mai bin bashi da ke son tsoratarwa yakan rubuta ƙorafinsa da kalmar cin amana. Aikin lauya a nan shi ne ya nuna rasit da saƙonni da abin da aka riga aka biya, don a ga cewa ciniki ne ya tafi ba daidai ba.

Bayan kanta: shiru da lauya

Mu koma kan mai gyaran wayar. An iso ofis, an rubuta sunansa, an karɓi bel da takalmi. Can da dare ɗan sandan da aka ba binciken ya fito da shi, ya ajiye takarda da biro, ya ce ya ba da jawabi. A nan ne mafi yawan mutane suke cutar da kansu, domin baki shi ke yanka wuya.

Sashe na 35(2) na Kundin Tsarin Mulki ya ba duk wanda aka kama damar yin shiru, ko ƙin amsa kowace tambaya, har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. A lura da ƙarshen maganar: wanda ba shi da lauya zai iya cewa sai yayansa ya zo, ko shugaban ƙungiyarsu ta kasuwa. Wajibi ne kuma 'yan sanda su sanar da shi wannan haƙƙi, su faɗa masa cewa idan ba shi da hali akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 don ba marasa ƙarfi lauya kyauta, sannan su sanar da danginsa inda yake ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Shirun nan ba ya nufin rashin ladabi. Mutum ya faɗi sunansa da inda yake zaune, sannan ya ce cikin natsuwa, "Yallaɓai, zan ba da jawabi, amma ina roƙon a bari lauyana ya zo tukuna." Ba laifi ba ne, kuma ba ya zama hujjar cewa ya aikata abin da ake zargi, domin sashe na 36(5) ya ce kowa marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa.

Me ya sa jiran yake da muhimmanci ga wanda ya san bai yi komai ba? Dubi laifin da ake zargin matashin nan da shi. Karɓar kayan sata ba ya tabbata don kawai an ga kayan sun bi ta hannunka. Sai an nuna ka sani, ko kana da dalilin da zai sa ka yi zaton na sata ne. To mu ce ya faɗa da Hausa, "Na saye ta da araha, don mutumin ya ce yana da matsalar kuɗi." Mai rubutu ya juya zuwa Turanci, ya rubuta cewa ya saye ta ƙasa da farashi ƙwarai, kuma ya lura mai sayarwar yana cikin gaggawa. Kalmomin sun yi kusa da juna, amma na biyun sun kusa zama amsa laifi. Idan ya dangwala yatsa a kai ba tare da an karanta masa ba, wannan takarda ce za a ɗaga a kotu bayan wata shida, a ce ga abin da ya faɗa da bakinsa.

Don toshe wannan ƙofa ne sashe na 17 ya tanadi cewa a ɗauki jawabi a gaban lauyan mutum, in babu shi a gaban jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko wakilin wata ƙungiyar farar hula, ko wani da mutumin ya zaɓa. Idan ba ya jin Turanci, a kawo tafinta ya rubuta, ya karanta masa har ya gamsu, tafintan ya sa sunansa da hannunsa. Idan jawabin na amsa laifi ne, dokar ta yi tanadin a ɗauke shi a bidiyo. Lauyan ba zai amsa tambaya a madadinsa ba. Zamansa a wurin don ya ga ba a tilasta ba, ya kuma karanta takardar kafin a sa hannu.

Idan aka kai ga duka ko rataya ko barazana don a sa mutum ya amsa laifi, to an shiga hurumin Dokar Hana Azabtarwa ta 2017, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 29, ta hana kotu karɓar amsa laifin da aka samo ta hanyar matsi. Amma galibi kotu ba ta duba wannan sai an ɗaga maganar a lokacin da mai gabatar da ƙara yake son miƙa takardar. Daga nan a kotuna da yawa alƙali yakan dakatar da babbar shari'ar, ya yi wata ƙarama a cikinta don gano yadda aka samo jawabin. Abin da yake taimakawa a lokacin shi ne shaida: rahoton likita, hoton rauni da aka ɗauka da wuri, da mutanen da suka ga halin da mutum ya fito.

Beli: wa ke bayarwa, kuma yaushe?

Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin lokacin da ya dace, ya kuma fayyace lokacin: kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin tazarar kilomita 40, in ba haka ba kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace bisa halin da ake ciki. A birni irin Kano, kwana ɗaya ke nan. Amma an kama matashin nan ranar Juma'a da yamma, kotu kuma ba za ta zauna ba sai Litinin. Wannan shi ne ainihin halin da aka yi belin 'yan sanda dominsa. Sashe na 30 ya ce idan laifin ba na hukuncin kisa ba ne, kuma ba zai yiwu a kai mutum kotu cikin awa 24 ba, babban jami'in ofishin ya duba maganar, ya sake shi a kan beli, da mai tsaya masa ko babu.

Ga yadda yayan matashin zai bi abin ranar Asabar da safe. Ya je da katin shaidarsa da hotunansa na fasfo, ya rubuta takardar neman beli zuwa ga shugaban ofishin, da kwanan wata da lokaci, ya riƙe kwafi. Za a ba shi fom ya cike, a ciki a rubuta wani adadin kuɗi, mu ce naira dubu ɗari biyu. Ba a biyan wannan kuɗi a kanta. Alkawari ne cewa idan ƙanensa ya gudu ya ƙi dawowa ranar da aka sa, za a iya kai mai tsayawar kotu a nemi ya biya. Saboda haka tsaya wa mutum nauyi ne na gaske, kada ka tsaya wa wanda ba ka san gidansu ba. Idan kuma babbar yayarsu ce take da hali, doka ta ce ba a hana mutum tsayawa don kawai mace ce.

"Beli kyauta ne" magana ce da rundunar 'yan sanda da kanta take rubutawa a bangon ofisoshinta, kuma haka doka take. Kowa ya san a aikace ana neman kuɗi da sunaye iri-iri, na takarda, na biro, na mai. Duk sunan da aka ba shi cin hanci ne. Dangi sukan biya saboda tsoron ɗansu ya sake kwana a ciki, wannan tsoro kuwa shi ake sayar musu. Abin da ya fi karya shi shi ne takardar neman beli mai kwanan wata, da zuwan lauya, da neman ganin shugaban ofishin ido da ido maimakon tsayawa ciniki da wanda ke kanta.

Idan an hana fa? Da zarar awa 24 ta wuce, sashe na 32 ya buɗe hanyar sanar da kotun da ke da hurumi, a rubuce ko da baki, kotun kuma ta ba da umarnin a kawo mutumin, ta binciki dalilin tsarewar, ta ba da beli in ta ga ya cancanta. Akwai kuma tanadin cewa babban majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, yana da ikon ba da beli a nan take. Ana iya kai ƙorafi ga kwamishinan 'yan sanda na jiha, ko sashen karɓar ƙorafe-ƙorafe na rundunar, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Inda haƙƙin yake da iyaka

Mu sauya misalin kaɗan. A ce ba sace wayar aka yi a aljihu ba, ƙwace ta aka yi da makami, har aka kashe mai ita, 'yan sanda kuma suna zargin mai rumfar yana cikin gungun. Yanzu magana ta koma laifin da hukuncinsa kisa ne. Shugaban ofis ba shi da ikon ba da beli, majistare ma haka. Alƙalin Babbar Kotu ne kaɗai zai iya, shi ma sai da dalili na musamman, kamar rashin lafiyar da ba za a iya kula da ita a inda ake tsare da mutum ba, ko jinkirin da ya wuce shekara ɗaya ba a fara shari'a ba.

A irin wannan hali ne ake kai mutum gaban majistare a nemi izinin ajiye shi a gidan gyaran hali kafin ma'aikatar shari'a ta ba da shawara. A da, mutane sun sha shafe shekaru a wannan ajiya ba a sake kiran sunansu ba. Dokar tarayya ta ɗaure abin da kwanaki: ajiyar farko ba ta wuce kwana 14, ana iya ƙarawa da dalili, daga baya kotu ta kira hukuma ta bayyana abin da zai hana a saki mutumin. Jihohi suna da nasu adadin kwanakin. Abin da dangi za su riƙe shi ne ranar da aka ce a dawo da shi kotu, su kuma tabbata lauya ya halarta a ranar, domin fayil ɗin da ba mai bibiya shi yake nutsewa.

A laifukan da ba na kisa ba, kamar na matashin nan a misalin farko, kotu ba ta hana beli sai an nuna mata dalili, misali zai gudu, ko zai razana shaidu, ko zai lalata hujja, ko zai sake aikata wani laifin. Sharuɗɗan kuma bai kamata su yi tsananin da zai zama hanawa a fakaice ba. Idan majistare ya hana, ko ya gindaya abin da ba zai ciku ba, ana iya zuwa Babbar Kotu.

Bayan an fito

Wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba, sashe na 35(6) ya ba shi haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Ana shigar da wannan ƙara a Babbar Kotu, ƙarƙashin ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan Adam na 2009. Ƙanen da aka riƙe a madadin yayansa yana da wannan dama, haka wanda aka rufe a kan bashi, kuma wanda ya yi amfani da 'yan sanda don karɓar bashinsa shi ma ana iya haɗawa da shi a ƙarar. Irin wannan shari'a da takardu ake cin ta: ranar kamu da lokacinsa, sunan ofishin, sunan jami'in da ya yi binciken, kwafin takardar neman beli, da waɗanda suka shaida.

Don haka idan aka kama naka, tun daga sa'ar farko wani a cikin dangi ya ɗauki biro ya riƙa rubuta abin da ya faru da lokacinsa. Idan kuwa kai ne a hannu, ka bi su ba gardama, ka tambayi dalili, ka nemi a sanar da gida, kada kuma ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta maka ita cikin harshen da kake ji ba, a gaban wanda ka amince da shi.